Me Ya Sa Kabeji Yake Sakin Ruwa a Kasko?

 Uwargida, amarya, da kai malam mai tsayawa gaban murhu, ko don sana'a ko don gida, ku matso kusa da akwatin rediyo. Yau maganarmu a kan suyar kayan lambu ce: kabeji, karas, koren tattasai, koren wake da albasa, irin waɗanda muke soyawa mu ɗora a kan shinkafa ko taliya, ko mu juye a cikin soyayyiyar shinkafa.

Ga matsalar da kusan kowace mai girki ta sani. Kin yanka kayanki sun yi kyau, kore shar da ja da fari. Kin zuba mai a kasko, kin juye su duka. Da farko kin ji cuuu mai ƙarfi, amma kafin ki juya sau uku ƙarar ta mutu. Can sai ga ruwa ya taru a gindin kasko, alhali ko ɗigo ba ki zuba ba. Kabejin ya yi laƙwas, koren tattasai ya koɗe, karas kuwa har yanzu da sauran tauri a cikinsa. Kin yi niyyar suya, abin ya koma dahuwa. Wasu sukan ɗora laifin a kan man, wasu su ce kabejin bana ne bai da kyau. Yawanci ba haka ba ne. Kayan ne suka fi ƙarfin kaskon da wutar da ke ƙarƙashinsa, kuma yau za mu bi abin daki-daki mu ga yadda hakan ke faruwa.

Mu fara da ruwan nan, daga ina ya fito? Daga jikin kayan lambun ne. Idan aka auna kabeji, fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Koren tattasai ma ya haura 90. Albasa da karas, duk da taurin karas ɗin nan, suna dab da 90. Ruwan yana ƙunshe ne a cikin ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace a cike tam, kuma cikar nan ce take sa ɗanyen karas ya yi ƙaras idan an gatsa. Da zarar zafi ya ratsa su ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, sai fatar da ke riƙe da ruwan ta lalace, ruwa ya fara tsattsafowa waje. Wannan ba makawa, kowace irin suya za ki yi sai ruwa ya fito. Abin tambaya shi ne, idan ya fito ina zai je? Zai tashi sama ya zama tururi nan take, ko zai kwanta a gindin kasko?

Amsar tana da muhimmanci saboda wata ɗabi'a ta ruwa. Ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗen kasko ba ya wuce digiri 100, ko da kin ƙure wuta. Ƙarin wutar ba ya ƙara masa zafi, sai dai ya sa shi saurin ƙonewa. To muddin akwai ruwa kwance a kasko, duk abin da ke zaune a cikinsa ba zai wuce digiri 100 ba. Ita kuwa suya, wato jan nan da abinci ke yi a gefe-gefe, da ƙamshin da ke sanar da maƙwabta ana girki, ba ta kankama sai zafin bayan abincin ya kai wajen digiri 140 zuwa sama. A nan ne sukarin da ke cikin abincin yake haɗuwa da sinadaran furotin su ba da launi da ƙamshi. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa a shekarar 1912, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Ita ce take ba tsire da bayan burodi da ƙosai launinsu. Tsakanin 100 da 140 ke nan akwai tazara, kuma kasko mai ruwa ba zai taɓa ƙetare ta ba sai ruwan ya ƙafe ƙaf.

Ƙafar da ruwa kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Wutar da ake bukata a mayar da tafasasshen ruwa tururi ta ninka wadda ake bukata a kai shi ga tafasa daga sanyin randa kusan sau bakwai. Shi ya sa butar shayi takan tafasa cikin 'yan mintuna, amma in an manta da ita a wuta sai ta daɗe sosai kafin ta ƙone. Ƙaramin gas na gida, idan muka cire zafin da ke zurarewa ta gefen kasko ya bi iska, abin da yake iya ƙafarwa bai wuce kamar cokali biyu na cin abinci a minti ɗaya ba. Ku riƙe wannan a ranku, masu sauraro: cokali biyu a minti. Idan kayan da ke cikin kaskon suna sakin ruwa ƙasa da haka, kasko zai zauna a bushe, suya ta yiwu. Idan suna sakin fiye da haka, rarar za ta taru, kuma daga nan dahuwa ta fara.

Yanzu mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce za ki yi wa mutum shida soyayyen kayan lambu na cin shinkafa. Kin yanka kabeji giram 300, wato kamar rabin ƙaramin ƙulli, karas biyu matsakaita, koren tattasai babba guda, da albasa guda. Duka sun tashi wajen giram 600. Ruwan da ke cikin wannan tulin ya ɗan fi leda ɗaya ta fiya wata. Kaskonki na ƙarfe ne, nauyinsa kamar kilo ɗaya, kin bar shi a wuta ya yi zafi sosai, ya haura digiri 200.

Kasko mai zafi yana da ajiyar zafi a jikinsa, kuma da wannan ajiyar ake fara suya, don wutar da ke ƙasa a hankali take bayarwa. Ajiyar kaskon kilo ɗaya ta isa ta ɗumama kayan lambu kusan giram 200 zuwa bakin tafasa cikin ɗan lokaci kaɗan. Idan giram 200 kika zuba, kasko zai ɗan huce, wuta ta mayar masa da abin da ya rasa, ƙarar suya ta ci gaba. Amma idan kin juye 600 ɗin gaba ɗaya, cikin daƙiƙoƙi kaɗan sun shanye ajiyar duka, kasko ya faɗo ƙasa da digiri 100, alhali kashi biyu cikin uku na kayan ko ɗumi ba su yi ba. Daga nan sai wutar ta ɗauki kusan minti biyu tana fama kafin tulin duka ya yi zafi. A cikin mintunan nan biyu babu suyar da ake yi. Abin da ke faruwa kawai shi ne kayan suna ratsa zafin nan na digiri 60 zuwa 90, inda suke sakin ruwa, kuma babu isasshen zafin da zai kore shi.

Akwai kuma matsala ta biyu, ta hanya. Tururin da ya samu ya tashi daga gindin kasko dole ya ratsa ta cikin tulin kafin ya fita. Yana haɗuwa da kabejin sama mai sanyi sai ya koma ruwa, ya sake gangarowa ƙasa. Ya dafa na saman, ya kuma dawo ya jiƙa na ƙasan. Tulin kansa ya zama murfi. Kamar wanki ne: in kin baza shi a igiya ɗaya-ɗaya, kafin la'asar ya bushe, in kuwa kin tara shi a dunƙule a waje guda, rana ɗaya ce take dukansa amma har dare cikinsa a jiƙe yake.

To me ke samun kayan a tsawon wannan jira? Abin da ke haɗa ƙwayoyin halittar ganye da juna wani danƙo ne da ake kira fektin. A cikin ruwa mai zafin da ya haura digiri 80 yana narkewa a hankali, ƙwayoyin su rabu da juna, shi ne laushin tuɓus da kike gani. Koren launin ma ba ya jure doguwar dahuwa. Bayan minti biyar zuwa bakwai, tsamin da ke fitowa daga jikin ganyen kansa yana juya koren nan mai haske ya koma fatsi-fatsi kamar na busasshen ganye. Kabeji kuma idan ya daɗe a wuta yakan saki wani wari mai nauyi, wanda yara ke gudu. Har bitamin C, wanda ruwa ke narkarwa kuma zafi ke lalatawa, yana bin ruwan nan ya fita. Kafin ruwan ya ƙafe an shafe minti goma ko fiye, kuma lokacin da kasko zai sake fara cuuu, babu sauran abin da za a ceta.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu muna kan suyar kayan lambu. Hanya biyu ce ta soya su, kuma kowace da abin da take nema. Akwai suyar gaggawa a wuta mai ƙarfi ana juyawa ba tsayawa, akwai kuma suyar lallaɓa a wuta kaɗan.

Suyar gaggawa, mutanen Sin ne suka ƙware a kanta, suka kuma yaɗa ta a duniya. Kaskonsu, wanda ake kira wok, mai zagayayyen gindi ne da faɗin baki, ƙarfensa ba kauri. Masu dafa abincin sayarwa a yankin Kanton da Hong Kong suna ɗora shi a kan murhun gas mai huci, wanda ƙarfinsa kan ninka na gida sau goma ko fiye. Suna cilla abincin sama yana dawowa, tururi yana tserewa a iska, kuma farantin mutum ɗaya ko biyu suke soyawa a lokaci guda, cikin minti biyu zuwa uku an sauke. Ku lura da wannan da kyau. Mai irin wannan wuta ma ba ya cika kaskonsa, ballantana mu masu risho da ƙaramin gas.

Abin da ake nema a suyar gaggawa shi ne bayan kayan ya soyu, ya ɗan yi ja a gefe, kafin cikinsu ya saki ruwansa. Tsere ne tsakanin suyar waje da dahuwar ciki. Don haka komai na wannan hanya an tsara shi ne don sauri. Ana yanka kayan sirara kuma daidai da juna, don zafi ya ratsa su tare. Ana gama yanka komai a jera kusa da murhu kafin a kunna wuta, domin in an fara babu zarafin komawa kan wuƙa. Juyawar kuma ba ado ba ce. Ita ke hana wanda ke ƙasa ƙonewa, ita ke ba kowane yanki rabonsa na taɓa ƙarfe, ita ke buɗe wa tururi hanya.

Ga yadda za ki bi da giram 600 ɗin nan namu. Ki wanke kayan tun da wuri, kafin yanka, ki bar su a kwando su tsane, sannan ki goge su da tsabtataccen ƙyalle. Wannan mataki ne da ake rainawa. Yankakken kabejin da aka ɗauraye aka juye kai tsaye yana iya shiga kasko da cokali biyu ko uku na ruwa maƙale a jikinsa, wato aikin wutarki na minti ɗaya ko fiye ya tafi a kan ruwan famfo. Karas ki yanka shi sirara, kaurin bai fi na tsinken ashana biyu ba. Idan da koren wake, ki jefa shi a tafasasshen ruwa na minti biyu tukuna, ki tsame, ki bar shi ya sha iska, don shi ba ya nuna a minti uku na suya.

Ki ɗora kasko ba mai, ya yi zafi. Gwajinsa shi ne ki yarfa ɗigon ruwa. In ya kwanta yana tafarfasa, da saura. In ya dunƙule yana gudu a kan ƙarfen kamar ɗan dutsen ado, zafi ya kai wajen digiri 200, ya isa. Sai ki zuba man gyaɗa cokali ɗaya, ki karkata kasko ya zagaye. Zagaye na farko, karas da albasa. Ki baza su, ki ba su kamar daƙiƙa ashirin ba taɓawa don su kama, sannan ki yi ta juyawa har minti biyu. Ki kwashe a faffaɗan faranti, kada ki rufe. Ki bar kasko ya sake ɗaukar zafi na rabin minti zuwa minti ɗaya, wannan hutun shi ne mayar da ajiyar da muka ambata. Zagaye na biyu, koren tattasai da rabin kabeji, da ɗan ƙarin mai, minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Zagaye na uku, sauran kabejin. Idan ya kusa, ki ture shi gefe, ki jefa daddakakkiyar tafarnuwa da citta a tsakiya na daƙiƙa goma sha biyar, don tafarnuwa tana saurin ƙonewa ta yi ɗaci. Daga nan ki mayar da komai cikin kasko, ki barbaɗa gishiri da kayan ɗanɗano, ki juya na rabin minti, ki sauke. Duka-duka wajen minti goma. Wadda ta juye komai a tashi ɗaya don ta rage lokaci, ita ma minti goman za ta yi tana jiran ruwa ya ƙone, ga shi kuma abincin ba ɗaya ba.

Ina so in tsaya a kan gishiri, don a nan ne hanyoyin biyu suka fi rabuwa. Gishiri yana janyo ruwa daga jikin ganye. Duk wadda ta taɓa barbaɗa shi a kan yankakken kabeji ko kokwamba ta bar shi na ɗan lokaci ta ga ruwan da ya kwanta a kwano. A suyar gaggawa wannan abin gudu ne, shi ya sa gishiri da dunƙulen ɗanɗano, wanda shi ma yawancinsa gishiri ne, suke zuwa a ƙarshe. A suyar lallaɓa kuwa, da gangan ake sa shi tun farko.

Domin ita suyar lallaɓa ba gudun ruwan take yi ba, fito da shi take so a hankali. Ita ce wadda kike yi wa albasa kafin ki zuba kayan miya. Wuta matsakaiciya ko ƙasa da haka, mai cokali biyu, albasa yankakkiya ƙanana, ɗan gishiri. Ƙarar da za ki ji siririya ce, ba ta tashin hankali ba. Kina juyawa jefi-jefi, ba kullum ba. Ruwan yana fitowa kaɗan-kaɗan yana ƙafewa kaɗan-kaɗan, cikin minti takwas zuwa goma albasa ta risina, ta yi sheƙi har ana hango haske ta cikinta, yajin nan mai sa hawaye ya tafi, zaƙinta ya fito. Idan kika ci gaba a kan wuta kaɗan har rabin awa ko fiye, sai ta koma ruwan zuma, ta yi zaƙi sosai. Wannan hanya ce ta duk abin da kike so ya narke ya ba miya jiki: albasa, tattasai, karas da aka yanka ƙanana. Ni a ganina kuskuren da ya fi yawa a ɗakunan girkinmu shi ne tsayawa a tsakiya. Wutar ba ta kai ta gaggawa ba, haƙurin kuma bai kai na lallaɓa ba, sai a samu albasa ta ƙone a baki cikinta ɗanye, ko kabeji ya yi laushi ba ƙamshi. Kafin ki kunna wuta ki yanke shawara: ƙaras-ƙaras nake so, ko laushi da zaƙi?

Shin cika kasko yana cutar da suyar lallaɓa ita ma? Yana yi, amma da sauƙi. Albasa guda shida a tukunya za su saki ruwa, su dahu a cikinsa, daga baya ruwan ya ƙafe suya ta kama. Tunda laushin ake nema, ba a yi asarar komai ba sai lokaci da makamashi. Amma idan kina lallaɓa koren wake ko karas ne don a ci su haka, kina so su nuna amma su riƙe siffarsu, to nan ma shimfiɗa ɗaya za ki yi, kowane yanki yana taɓa kasko. Akwai dabara mai kyau ga masu taurin nan: ki soya su minti biyu, ki zuba ruwa cokali biyu, ki rufe na minti biyu tururi ya ratsa cikinsu, sannan ki buɗe ki bar ruwan ya ƙone. Bambancin wannan da caɓewar da muke magana a kai shi ne ke kika auna ruwan, ke kika ƙayyade lokacinsa.

[Ɗan gajeren kiɗa]

To yaya za ki gane kasko ya cika tun kafin abin ya lalace? Kunnenki ne zai fara gaya miki. Suya mai kyau ƙararta kaifi gare ta, tsat-tsat-tsat ba yankewa. Idan ta koma ɓul-ɓul mai taushi, ko ta yi shiru, ruwa ya fara rinjaye. Na biyu, ki ture kayan gefe da cokali ki dubi gindin kasko. In mai ne kawai yake sheƙi, lafiya. In ruwa ya biyo cokalin ya rufe wurin, an cika. Tun wajen zubawa ma akwai ma'auni: idan kin baza kayan kina iya hango ƙarfen kasko nan da can a tsakaninsu, daidai ne. Kabeji da alayyafo sukan yi tsibi da farko su faɗa cikin rabin minti, don haka su ana ɗan yi musu uzuri, amma dai kada su wuce cikin tafin hannu biyu a kasko matsakaici.

Idan kuma abin ya riga ya faru, kada ki tsaya kina juyawa kina jira. Ki juye komai a kwando nan take, ki tari ruwan a kwano don yana da ɗanɗano, za ki iya zuba shi a shinkafa ko miya. Ki goge kasko, ki mayar wuta ya yi zafi sosai, ki soya su kashi-kashi na minti ɗaya kowanne. Ba za su dawo kamar ɗanyu ba, amma in kin yi saurin kamawa za a samu ƙamshi da sauran ƙarfi. Kuma don Allah kada a jefa kanwa da nufin tsare koren launi. Gaskiya ne tana tsare shi, amma tana narkar da fektin ɗin nan da sauri, ta mayar da ganye lugub, ta kuma lalata bitamin. Tumatir da ruwan lemon tsami kuma su ne akasin haka, tsaminsu yana koɗar da kore, ga tumatir da ruwa mai yawa, don haka a ƙarshe ake sa su.

Sai maganar kayan aiki. Kaskon tuyar ƙosai na ƙarfe, mai zagayayyen gindi, ya yi kama da na mutanen Sin ƙwarai, kuma a kan kurfoti mai jan garwashi da ake fifitawa, ko murhun itace, yana samun zafin da ƙaramin gas ba ya bayarwa. Wadda ke girki da gawayi ba ta da abin jin kunya a nan, ta ma fi mai risho damar yin suyar gaggawa ta gaske. A kan gas na gida kuwa, faffaɗan kasko mai shimfiɗaɗɗen gindi da ɗan nauyi ya fi, don yana zama daram a kan wuta yana kuma riƙe zafi. Siririn kaskon gorar ruwa mara nauyi yana saurin zafi, yana saurin hucewa, to shi sai a ƙara rage yawan abin da ake zubawa. Tukunya mai zurfi ba ta dace ba sam, tururi yana taruwa a bangonta ya gangaro. Kasko mai baƙin shafen nan da ke hana kamu, a bar shi ga suyar lallaɓa, kada a ƙona shi ba komai a ciki, don shafen yana lalacewa a zafi mai tsanani.

Mai ma a duba. Tataccen man gyaɗa yana jure zafi har wajen digiri 230 kafin ya fara hayaƙi. Man ƙuli na gida ya fi ƙamshi amma yana saurin hayaƙi, don haka da shi kada a bar tazara tsakanin zuba mai da zuba kaya. Bota tana ƙonewa da wuri, wurinta suyar lallaɓa. In mai ya kama da wuta, a kashe murhu a kifa masa murfi. Kada a kuskura a watsa ruwa, don ruwa a tafasasshen mai yana zama tururi nan take ya watsa wutar ko'ina.

Idan da nama ko hanta ko ƙoda a girkin, doka ɗaya ce. Nama ma kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. A soya shi shi kaɗai tukuna, shimfiɗa ɗaya, a kwashe, a mayar da shi a ƙarshe tare da sauran.

Ga masu girkin taro, biki ko suna ko buɗa-baki na jama'a, na san ba za a tsaya ana soya cikin tafin hannu biyu sau hamsin ba. Mafita ita ce a rage wa kasko aiki tun farko. A tafasa ruwa mai yawa a babbar tukunya, a riƙa jefa karas da koren wake kashi-kashi na minti biyu, a tsame a ruwan sanyi, a baza a faifai ko tire su tsane sarai. Sun riga sun nuna, abin da ya rage minti ɗaya ne a babban kasko a kan wutar itace don su ɗauki mai da ƙamshi. A soyayyiyar shinkafa kuma, a juye su a ƙarshe, bayan shinkafar ta gama, ba a dafa su tare ba.

Abu na ƙarshe shi ne bayan saukewa, don da yawa a nan suke ɓata aikin da suka yi da kyau. Kin soya kabeji ya yi ƙaras-ƙaras, sai kika juye shi da zafinsa a kula kika danne murfi, ana jiran maigida ya dawo bayan isha'i. Tururin da ke fita daga jikinsa ba shi da hanya, zai taru a murfi ya ɗigo, zafin da kula ke riƙewa kuma ya ci gaba da dafa shi awa biyu. Shinkafar ki sa ta a kula. Kayan lambun kuwa ki bar su a yanke, a tsane, a rufe da ƙyalle, ki soya rabonsa idan kin ji sallamarsa, minti uku ne. In dole sai an ajiye soyayye, a baza shi a faranti ya sha iska na minti biyar, a rufe shi sama-sama, a kuma sauke shi daga wuta tun da sauran ɗan tauri, don zafin jikinsa zai ƙarasa nunar da shi.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau.